Tsargiya a Gardole: Dodon Koɗi da Dalilin da Ya Sa Ciwon Ke Bin Mashigin Ruwa

Gardole tana cikin tsofaffin unguwannin N'Djamena, a tsakiyar birni, kusa da babbar kasuwa da babban masallaci. Ba ƙauyen masunta ba ce, kuma babu fadamar shinkafa a cikinta. Duk da haka, a irin wannan unguwa uba yana iya ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsarin ɗansa, alhali 'yar'uwar yaron, wadda suke sha a randa ɗaya, suke kwana a gida ɗaya, lafiyarta ƙalau. Nan da nan sai a shiga tambayar me ya ci, me ya sha, wa ya shafa masa. Wasu su ɗora wa zafin rana, wasu ma su ce alamar balaga ce, za ta wuce da kanta. Duk waɗannan sun kauce wa inda matsalar take. Tambayar da ta dace a yi wa yaron ita ce: wane ruwa ka shiga wajen wata uku da suka wuce, a wane gefe, kuma da wane lokaci na yini?

Amsar wannan tambaya tana hannun wata ƙaramar halitta da ba kowa ke kula da ita ba, wato dodon koɗin ruwan daɗi. Tsutsar tsargiya ba ta iya tashi daga jikin mutum ta shiga jikin wani kai tsaye. Tilas sai ta yi zango a cikin dodon koɗi, kuma ba kowane iri ba. Wanda ya san inda wannan dodon koɗi yake zama, da lokacin da yake yawa, da sa'ar da yake sakin tsutsa, ya san dalilin da ya sa ciwon yake kama wani ya bar wani a gida ɗaya.

Yadda tsutsar take zagayawa

Likita Bajamushe Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a shekarar 1851 a Alƙahira, shi ya sa a asibitocin Chadi da Nijar za ka ji ana kiran ciwon bilarziyos. Amma sai da aka yi fiye da shekara sittin kafin a gane hanyar da take bi. Masu bincike a Japan suka gano rawar dodon koɗi a 1913, sannan Robert Leiper ya tabbatar da ita a Masar a 1915, ya kuma nuna cewa tsargiyar mafitsara da tsargiyar hanji tsutsotsi biyu ne dabam, kowace da nata dodon koɗin.

Manyan tsutsotsin, namiji rungume da mace, suna zaune a cikin jijiyoyin jini. Na tsargiyar fitsari suna kewaye da mafitsara, na tsargiyar hanji kuma suna jijiyoyin da ke tsakanin hanji da hanta. Macen tana zuba ƙwai kullum, daga gommai zuwa ɗaruruwa. Wasu ƙwayayen suna huda bangon mafitsara su fita tare da fitsari, kuma wannan hudar ce take kawo jinin da ake gani. Sauran suna maƙalewa a cikin nama, jiki ya yi ta yaƙi da su yana barin tabo. Wannan tabon ne asalin ɓarnar da ake gani bayan shekaru: toshewar hanyar fitsari, kumburin ƙoda, ciwon dajin mafitsara, da raunuka a al'aura da mahaifar mata waɗanda sau da yawa ake ɗauka ciwon sanyi ne.

Ƙwan da ya faɗa busasshiyar ƙasa ko ramin masai ya mutu a nan. Wanda ya faɗa ruwan daɗi kuwa yana ƙyanƙyashewa cikin ɗan lokaci, wani ɗan tsutsa mai gashi-gashi da masana ke kira mirasidiya ya fito yana iyo. Ba ya cin abinci, ƙarfinsa na 'yan sa'o'i ne, da wuya ya wuce rabin yini yana da kuzarin shiga. In bai gamu da dodon koɗin da ya dace da shi ba, ya hallaka. In ya gamu, sai ya huda naman dodon koɗin ya zauna, ya yi ta hayayyafa a ciki ba tare da namiji ko mace ba. Bayan mako huɗu zuwa shida, gwargwadon ɗumin ruwa, dodon koɗin zai fara fitar da wani sabon ɗan tsutsa mai jela mai reshe biyu, shi ne serkariya. Ƙwai guda da ya shiga yana iya zama dubbai da suka fito, domin dodon koɗi ɗaya yana sakin ɗaruruwa a yini, kuma ya ci gaba har tsawon makonni.

Serkariya ita ce take kama mutum. Tana rayuwa kwana ɗaya zuwa uku a ruwa, amma a sa'o'in farko ne ta fi ƙarfi. Ba ta bukatar rauni ko ƙurji. Lafiyayyar fata take hudawa cikin 'yan mintoci, ta yar da jelarta, ta bi jini ta ratsa huhu ta isa hanta, a can ta girma ta sami abokin zama.

Akwai abu guda a nan da nake ganin ya fi komai muhimmanci. Tsutsar ba ta ƙaruwa a cikin jikin mutum. A zazzaɓin cizon sauro, cizo ɗaya yana iya cika jini da ƙwayar cuta. A tsargiya kuwa kowace tsutsa da ke jikin yaro ta shigo ne daga waje, ta fatarsa, a wata rana da ya shiga ruwa. Don haka nauyin ciwon a jikin mutum tarin shigarsa ruwa ne na shekaru, tunda tsutsa ɗaya tana yin shekara uku zuwa biyar da rai, wani lokaci fiye da haka sosai. Hayayyafar tana faruwa ne a cikin dodon koɗi kaɗai.

Wane dodon koɗi ne, kuma ina yake zama

Mutane da yawa in aka ce dodon koɗi, manyan nan suke tunawa, masu kaurin ɓawo da murfin da suke rufe bakinsu da shi. A Afirka waɗannan masu murfi ba su ɗaukar tsargiyar mutum. Masu ɗaukarta ƙanana ne, ba su da murfi, ɓawonsu siriri ne. Na tsargiyar fitsari sunansa Bulinus, girmansa bai cika wuce ƙwayar wake ba. In ka riƙe ɓawonsa tsininsa yana sama, bakinsa yana kallonka, za ka ga bakin ya buɗe ta hagu. Wannan alama tana taimakawa, ko da yake akwai wani iri da ba ya ɗaukar ciwon wanda shi ma bahago ne, shi ya sa hukuncin ƙarshe na masana ne. Na tsargiyar hanji sunansa Biyomfalariya, shi kuma shimfiɗaɗɗe ne, a murɗe a kwance, ba shi da tsini.

Bambancin halinsu shi ya raba taswirar ciwon a Chadi. Biyomfalariya ba ya jure tsananin zafi, ba ya kuma jure ƙafewar ruwa sosai, yana son ruwan da ba ya yankewa. Shi ya sa tsargiyar hanji ta fi yawa a kudancin ƙasar. Bulinus kuwa ya saba da Sahel, yana jure zafi da fari, don haka tsargiyar fitsari ce aka fi sani a yankin N'Djamena, kamar yadda take a Kano da Katsina da Maraɗi.

Bulinus ba ya son ruwa mai gudu. In gudun ruwa ya wuce wajen santimita 30 a daƙiƙa, ba ya iya riƙe ganye, ruwa ya tafi da shi. Ba ya zama a ruwan gishiri. Wurinsa shi ne gefe-gefe, inda ruwa bai yi zurfi ba, ya kwanta ko yana tafiya a hankali, inda akwai bado da kainuwa da ciyawar ƙarƙashin ruwa da ruɓaɓɓen ganye. Gansakukar da ke manne a jikinsu ita ce abincinsa, a ƙarƙashin ganye kuma yake liƙa ƙwansa. Leda da tsumma da guntun tabarma da ake zubarwa a bakin ruwa su ma suna yi masa wannan amfani. Kowane ɗaya yana da halittar namiji da mace a jikinsa, yana iya haihuwa shi kaɗai, ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin mako ɗaya ko biyu, ɗan kuma ya fara nasa ƙwan bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki. Kaɗan da suka tsira daga fari sun isa su sake cika tafki.

To, dubi irin wurin da mutum yake zaɓa in zai yi wanka ko wanki ko shayar da dabba. Gefen da ba zurfi yake nema, inda ruwa ba ya ja, inda ƙafa ke iya taka ƙasa. Wurin da ya yi wa mutum daɗi shi ne wurin da ya yi wa dodon koɗi daɗi. A nan yaro yake fitsari yana cikin iyo, a nan mirasidiya take samun dodon koɗi kusa kafin ƙarfinta ya ƙare, a nan kuma serkariya take samun fata. Wannan ne dalilin da ya sa tsargiya ba ta bazuwa daidai a cikin kogi. Mashigi ɗaya yana iya zama matattarar ciwo, wani kuma da ke nesa da shi da 'yan ɗaruruwan mita, inda gaɓa take da yashi tsantsa kuma ruwa yana gudu, ya kasance kusan babu komai. Sau da yawa in masu bincike suka tara dodon koɗi ɗari a wuri, ɗaya ko biyu kacal suke samu yana sakin tsutsar. Wannan kaɗan ɗin ya isa, saboda yawan da kowane yake fitarwa.

Kalandar ruwa a N'Djamena

N'Djamena tana zaune ne a inda kogin Logon ya haɗu da Shari, tana kallon garin Kusiri na Kamaru a tsallake. Mazauninta yana hulɗa da ruwa iri biyu, kuma lokacinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ruwan sama ne. Daminar birnin gajeriya ce, ƙarfinta a Yuli da Agusta. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai laka, ruwa ba ya saurin wucewa, sai ya taru a kwaruruka da tsofaffin ramukan da aka haƙa don gini da buga tubali, waɗanda mutanen gari ke kira buta. Ba kowane kududdufi ne yake iya yaɗa tsargiya ba. Wanda ya ƙafe cikin mako biyu ko uku bai ba tsutsa lokacin da za ta nuna a cikin dodon koɗi ba. Kwatar da ta yi baƙi ƙirin da ƙazanta, babu ganye babu iska a cikinta, tana da nata cututtukan, amma ba mazaunin Bulinus ba ce ta sosai. Abin tsoro shi ne ramin da yake riƙe ruwa wata uku ko huɗu, ya yi ciyawa, yara su mayar da shi wurin iyo. Akwai wani irin Bulinus, wanda ake kira senegalensis, da ya ƙware da irin waɗannan tafkunan damina a faɗin Sahel. In ruwa ya fara ja sai ya nutse cikin laka a gefe, ya janye cikin ɓawonsa, ya yi watannin rani a haka. Da ruwan farko ya sauka sai ya farfaɗo. Busasshen ramin da aka gani a watan Maris, ƙasa ta tsattsage, ba shaida ba ce cewa babu dodon koɗi a cikinsa.

Na biyu kogin ne, shi kuma ba da ruwan N'Djamena yake cika ba. Ruwansa daga kudu mai nisa yake zuwa, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa, don haka sai damina ta wuce yake kaiwa ƙololuwa, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Mutanen unguwar Waliya ba za su manta da ambaliyar Oktoban 2022 ba. A lokacin cikar, tsakiyar kogi yana da ƙarfin da dodon koɗi ba ya iya zama, kuma yawan ruwan yana warwatsa tsutsar. Haɗarin yana zuwa ne bayan nan. Ruwa yana ja da baya, yana barin tafkuna da rassa marasa gudu a bayan tudun yashi da cikin fadamu, ya kuma bar dodon koɗin da ya kwaso a cikinsu. Daga hunturu zuwa farkon bazara ruwan yana raguwa, dodon koɗi yana taruwa a wuri kaɗan. Sannan zafin Maris da Afrilu, da yake haura digiri 40, ya koro mutane zuwa wannan ragowar ruwan. Masu wanki, masu ɗibar yashi, 'yan lambu masu ɗiba da hannu, masunta masu jan koma, da yara masu neman sanyi, duk a bakin ruwa guda.

Akwai kuma sa'a. Serkariyar tsargiyar mutum ba ta fita daidai a duk yini. Haske ne yake tayar da ita. Tana fara fita da hantsi, ta yi yawa tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, ta ragu da yamma. Da asuba ruwa ɗaya ɗin nan yana da ragowar ta jiya ne kawai, wadda ta riga ta raunana. Abin da ya ƙara ɗaure lamarin shi ne, ƙwan tsutsar ma a wannan tsakar ranar ya fi fita a cikin fitsari. Yaron da yake iyo da azahar yana zuba ƙwai a lokacin da suka fi yawa, yana kuma karɓar tsutsa a lokacin da ta fi yawa.

Misalin gida guda

Mu ƙaddara wani gida a Gardole mai yara biyu. Namijin yana da shekara 11, nauyinsa kilo 30. Daga tsakiyar Maris, in an tashi makaranta, yana bin abokansa zuwa wani reshen kogi da ruwa ya kwanta, su yi wajen sa'a biyu suna nutso da tsakar rana. 'Yar'uwarsa takan raka kakarsu wurin masu lambu da sassafe jefi-jefi, ta tsoma ƙafa zuwa idon sawu na minti goma. In aka tambaye su, dukansu za su ce sun shiga kogi. Amma a yi lissafi na kusa. Shi minti 120 ne da dukkan jikinsa. Ita minti 10 ne da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na fatarta ba. Tun kafin a sa bambancin sa'a, rabonsa a fita ɗaya ya ninka nata fiye da sau ɗari. In aka ƙara cewa shi da azahar yake shiga, ita da safe, shi kusan kullum, ita sa'i-sa'i, babu sauran mamaki don shi ne ya yi fitsarin jini.

Wannan lissafi ne yake bayyana abin da ake gani kusan ko'ina ciwon yake: ya fi tsanani tsakanin shekara 10 zuwa 15, sannan ya ragu, saboda manya sun rage iyo kuma jiki yana samun 'yar kariya a hankali. A garuruwan Hausawa maza sun fi kamuwa, don su aka bari su yi yawo. Amma inda mata da 'yanmata ne suke tsayawa cikin ruwa suna wanki da wanke-wanke, abin yana juyawa. Jinsi ba shi da hannu a ciki, aikin da aka ba kowa ne. Haka almajirin da ba shi da famfo, wanda wankansa da wankinsa duk a gulbi ne, da ɗan ƙauyen da aka kawo birni da tsutsarsa a jiki, da ɗan birnin da ya je hutu ƙauye ya dawo da ita.

Yanzu bi kwanakin. A ranakun farko yaron yana iya jin ƙaiƙayi bayan ya fito, ya wuce ba wanda ya kula. Tsutsar fitsari tana ɗaukar mako goma zuwa sha biyu kafin ta fara ƙwai. Wanda ya kamu a ƙarshen Maris, sai wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli za a ga jini. Wannan ya faɗo daidai da saukar damina, sai gida su ɗora laifin a kan ruwan saman da ya kwanta a lungu, su hana shi taka taɓo, alhali wurin da ya ɗauko ciwon yana can bakin kogi, watanni uku a baya. Wannan jinkiri shi ne babban abin da yake ɓatar da iyaye, har da wasu ma'aikatan lafiya da suke tambayar inda yaro ya je a makon jiya.

A asibiti, fitsarin da aka karɓa tsakanin ƙarfe goma da biyu na rana ake so, musamman na ƙarshe-ƙarshe. Ana tace mililita 10, a duba a madubin awo. Ƙwan tsargiyar fitsari yana da ƙaya a ƙarshensa, na hanji kuma, wanda ake nema a bayan gida, ƙayarsa a gefe take. In an ƙirga ƙwai 50 ko fiye a cikin mililita 10, kamuwar mai nauyi ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Fitsarin asuba yana iya fitowa babu komai alhali yaro yana da ciwon, kuma mai tsutsa kaɗan yana iya bukatar a maimaita awo a wata rana. Akwai kuma 'yar takardar da ake tsomawa a fitsari, tana nuna jinin da ido ba ya gani.

Maganin shi ne farazikwantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha sau ɗaya bayan an ci abinci. Yaron kilo 30 yana bukatar miligiram 1,200, wato ƙwaya biyu masu miligiram 600. A rabon makarantu inda babu sikeli, tsayi ake aunawa a jikin sanda mai alamomi, kuma mai tsayin santimita 125 zuwa 137 ƙwaya biyu yake samu. Wanda ya sha da yunwa ya fi jin jiri da ciwon ciki, daga nan ne jita-jitar cewa maganin yana da illa take samun gindin zama.

Maganin yana da iyaka biyu, kuma dukansu suna komawa ga ruwa. Yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya cin ƙananan da suka shiga makonni kaɗan da suka wuce. Da an ba yaron nan maganin a tsakiyar Afrilu, yana cikin zuwa kogi, waɗanda suka shiga a Maris za su tsira su girma. Sannan ba ya hana sabuwar kamuwa ko ta kwana ɗaya. Yaron da ya warke a Yuli, in ya koma reshen kogin nan a Maris mai zuwa, ya koma inda ya fito. Jinin da ya dawo bayan shekara ba ya nufin maganin jabu ne.

Abin da wasu wurare suka nuna

A arewacin Senegal an kammala madatsar Diama a 1986 don hana ruwan teku hawowa cikin kogin Senegal. Ruwan ya daina yin gishiri, ya daina sauka da hawa kamar da, ciyawa ta cika gaɓa da magudanan rake. Kafin nan ba a san tsargiyar hanji a wannan yanki ba. A 1988 aka fara ganinta a garin Richard Toll, cikin 'yan shekaru kuma ta kama mafi yawan mutanen wasu ƙauyuka na kewaye. Mutanen ba su sauya hali ba, ruwan ne ya zama irin wanda Biyomfalariya yake so.

Misali na biyu a cikin Chadi yake. Tafkunan Unianga suna tsakiyar Sahara a arewa maso gabashin ƙasar, inda shekara takan wuce ba a ga ruwan kirki ba. Wani bincike da aka yi a can a 2019 ya sami tsargiyar fitsari a jikin kusan mutum huɗu cikin goma na waɗanda aka auna, ya kuma sami Bulinus a ruwan daɗin wurin. Ciwon ba ya bukatar damina ko babban kogi. Inda ruwa ya yi ƙaranci har kowa ya dogara da mashigi ɗaya, haɗuwar fitsari da dodon koɗi da fata ta fi sauƙi. Masu karatu a Kano za su gane wannan a magudanan Kadawa da Kura da ke shan ruwan madatsar Tiga, mutanen Nijar kuma a gonakin shinkafa na bakin Kwara.

Inda ya kamata a sa ƙarfi

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce inda kashi 10 cikin ɗari ko fiye suka kamu, a riƙa ba kowa magani duk shekara, tun daga ɗan shekara biyu. Wannan daidai ne, yana hana tabon da ke lalata mafitsara da ƙoda. Amma a ganina birni kamar N'Djamena ba zai rabu da ciwon da rabon ƙwaya kaɗai ba, domin yaro ɗaya mai nauyin kamuwa da rabon ya tsallake, wanda sau da yawa ba ya ma cikin rajistar makarantar boko, ya isa ya sake shuka ƙwai a mashigi. Aikin da ya rage shi ne a san mashigan ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ba ya bukatar kayan tsada. Ma'aikaci sanye da dogon takalmin roba da safar hannu yana kwasar ciyawar gefe da rariya mai dogon hannu, ya tsince dodon koɗi da hantsaki, ya sa kowane a ɗan kofi mai ruwa mai tsabta, ya ajiye a haske na sa'a biyu. Wanda yake ɗauke da tsutsa, za a ga serkariya mai jela biyu tana iyo a madubi. Sai dai tsargiyar shanu tana bin Bulinus ita ma, kuma 'ya'yanta sun yi kama da na mutum ƙwarai, don haka a mashayar dabbobi sai an haɗa da awon fitsarin yaran da ke shiga wurin. Kuma dubawa sau ɗaya ba ta isa ba, sai an maimaita wata-wata, tunda wurin da babu komai a Oktoba yana iya cika a Fabrairu.

In an gane wuri, akwai abin yi. Ramin tubali da ya gama amfani a cike shi. Ciyawar ƙarƙashin ruwa a mashigi a riƙa cire ta. An gwada haka a ƙauyukan Senegal, sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna kamuwar yara ta ragu, ciyawar kuma ta zama taki da abincin dabbobi. Akwai maganin kashe dodon koɗi mai suna nikolosamid, amma yana kashe kifi da kwaɗi, dodon koɗin kuma yana dawowa, don haka wurinsa ƙaramin tafki ne da aka tabbatar, ba kogin da masunta suke ci da shi ba. Hana yaro iyo a zafin Afrilu ba tare da an ba shi wurin watsa ruwa ba magana ce da ba ta ɗorewa. Famfon wanka da dakalin wanki da makewayi kusa da mashigi sun fi allon gargaɗi aiki.

A cikin gida kuwa, ruwan kogi ko na tafki da aka ɗebo don wanka, in aka ajiye shi kwana uku a mazubin da babu dodon koɗi a ciki, serkariyar ta mutu. In ana sauri, a ɗora shi a wuta ya yi zafin da hannu ba ya jurewa na minti biyar, sannan a bar shi ya huce. Wanda sana'arsa ta tilasta masa shiga ruwa ya yi ƙoƙarin gamawa da sassafe, ya sa takalmin roba in aikin ya yarda, ya kuma nemi awo duk shekara.

Iyaye da malaman allo na Gardole da sauran unguwanni, in kuka ga jini a fitsarin yaro, ku kai shi awo tsakanin hantsi da azahar, ku tambaye shi inda ya yi iyo a bazarar da ta wuce da waɗanda suka je tare, ku sanar da iyayensu su ma a auna su, sannan ku gaya wa ma'aikacin lafiya sunan wannan mashigin.